Sifiri ko harafin O a lambar jikin mota

Idan ana kwafe lambar jikin mota, wato VIN, daga hoto, akan rasa gane ko sifiri ne ko harafin O. Shawarar da ta fi amfani ita ce sanin ƙa'idarta: alamomi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. Don haka duk abu mai zagaye sifiri ne, sanda a tsaye kuma ɗaya ce.

Matsalar tana wajen S da 5, B da 8, saboda duka halal ne. Motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka, alama ta 9 a lambarta lissafin sauran ce. Idan bai fito ba, an yi kuskure. Motocin Turai da yawa ba su bin wannan, sai a sake ɗaukar hoton da haske daga gefe, a gwada da lambar da ke ƙasan gilashin gaba.