Mi za mu kira "soshiyal anzayati" da Hausa?

Asma'u Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ina shirya ɗan bayani ga matan islamiyyarmu, na maƙale ga kalma guda, abin ga da likitoci ka kira soshiyal anzayati. Ni kaina ina da shi, in an yi buki ko suna sai in ga kamar kowa ni yake kallo, hannuna na rawa, bakina ya bushe, in gudu madafa in kama wanke-wanke har a watse, a yi ta yaba ni wai ina da ƙoƙari. Kunya za ni ce ko mi?

Inna Kulu: Ɗiyata ai kunya ce, mu da ita munka tashi, kuma ado ce ga mace.

Malam Bello Runjin Sambo: Inna, a gafarce ni, akwai bambanci. Mai kunya ta sadda kai gaban surukai, in sun tashi ta ci tuwonta ta yi barci. Wannan kuwa tun saura kwana ukku buki gabanta ke faɗuwa, bayan an watse kuma ta kwana tana bitar kalma guda da ta faɗa. In munka ce kunya ba wanda zai nemi magani, tunda ba a maganin abin yabo. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren ƙwaƙwalwa, ma'aunin da ake dubawa shi ne abin ya kai wata 6 yana hana mutum harkokinsa.

Nasiru Arkilla: To a ce tsoron taro mana. Ni ma cunkoson Tsohuwar Kasuwa in na shiga numfashina sama-sama yake har sai na fito.

Malam Bello: Nasiru naka daban ne, kai matsi da rashin hanyar fita ke damunka. Asma'u, filin idi cikin dubbai yana tada miki hankali?

Asma'u: Ko kaɗan Malam. Amma dangin mijina huɗu a ɗaki guda, wallahi sai in ji kamar in nutse.

Malam Bello: Kin gani, ba yawan mutane ba ne, ido ne, tsoron abin da za a ce. Ni na fi son fargabar idon mutane. Abin da ya sa take da ƙarfi haka, da kin shiga taro hankalinki yana barin ɗakin ya koma cikin jikinki, kina sauraren bugun zuciya da rawar murya, sai ki ɗauka yadda kike jin su haka ake ganinsu. A shekarar 2000 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa sunka shiga ɗaki, masu rigar sun zaci rabin mutane za su lura, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Madafar nan kuma ita ke ciyar da abin, duk gudun da kika yi kin samu sauƙi nan take, amma ba ki zauna kin ga cewa ba abin da zai faru ba.

Hafsat: Sunan ya yi tsawo hwa Malam. Mi ya hana tsarguwa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Malam Bello: Ta kusa ƙwarai, sai dai mai kazar ya saci kaza, ita ko ba ta yi laifin komi ba.

Asma'u: Sunan dai a ci gaba, amma ya zan yi da sunan da za a yi gidanmu wata mai zuwa?

Malam Bello: Ki rubuta abubuwan da kike gudu, ki ba kowane maki daga 0 zuwa 10. Misali shiga gidan maƙwabta ki zauna minti goma, 4. Cin abinci faranti guda da dangin miji, 7. Magana gaban mata a islamiyya, 9. Ki fara da mai 4, kafin ki tafi ki rubuta abin da kike tsoro, "za su ga hannuna na rawa su yi dariya", in kin dawo ki rubuta abin da ya faru a zahiri. Ki maimaita sau ukku ko huɗu a sati har ya sauko kamar 2, sannan ki hau na gaba. Inda ake kuskure, mutum ya je amma ya duƙufa ga waya ko ya goya jinjirin wani don kar a yi mashi magana, ya je kenan bai je ba, za ki gane haka in sati biyu sun wuce makin bai motsa ba. Ki aje wayar, ki saurari abin da ake faɗi har ki iya maimaita shi. Kuma kar ki tashi daidai lokacin da faɗuwar gaban ta kai ƙarshe, ki ƙara minti biyar. Goro da shayi mai kauri ki rage su ranar, suna ƙara rawar hannu. In ya kai ba ki fita ko ba ki barci, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware.

Inna Kulu: Ni dai har yanzu ban ga inda kunya ta ƙare wannan ya fara ba.

Hafsat: Tsarguwar taro fa? Ko a jefa ta ga matan islamiyyar a ji wadda za su riƙe.

Asma'u: Zan kai masu duka biyun ran Assabar. Malam, karanta bayanin gabansu ni 9 na ba shi, ko in ba wata ta karanta?