Na yi wa taubashina wasa a rubuce, dangin amaryarsa sun ɗauka gori ne

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ɗan gwaggona ne zai yi aure. Tare muka tashi a Ƙofar Marusa, tare muka yi makarantar allo, ni ɗan namiji shi ɗan mace, tun muna yara "bawana" nake ce mashi, ko a watan cika-ciki sai mun taɓa. Ya ɗora hoton akwatunan lefe a zauren WhatsApp na biki, na rubuta: "Bawana, ina ka ciwo bashin nan? Allah ya sa kada a zo kwashewa bayan biki." Kowa ya gani, ba wanda ya tanka. Da safe kawun amarya ya fita daga zauren, gwaggo ta kira mamata. Na goge saƙon. Yanzu ya zan yi?

Malamin makaranta, Rafindadi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wasan taubasantaka tsakaninku ne ku biyu, kuma a gaban waɗanda suka san dangantakar yake ci. Kawun amarya bai san kai ɗan namiji ba ne, lamba kawai ya gani ta kira surukinsu bawa, ta ce lefen 'yarsu na bashi ne. Da a zaure ka faɗa da baki, za a ji muryarka, a ga kana dariya, angon ya rama nan take, kowa ya gane. A rubuce duk wannan babu. Mai karatu da muryar da ke cikin ransa yake karantawa, kuma dangin amarya a makon lefe a ɗar-ɗar suke. Shirun da ka ji shi ne alamar. Wasan da ya shiga, kafin minti biyar an rama maka.

'Yar Daura: Laifinka ɗaya, ba ka sa 😂 ba. Da ka sa biyu ko uku a ƙarshe da magana ta mutu.

Hajiya mai atamfa: Ke 'yar nan, rufa mana asiri da wannan fuskar. Ƙanwar maigidana ta tura ta ƙarƙashin sanarwar rasuwa, ita a zatonta kuka ne saboda hawayen. Har yau akwai waɗanda ba su gaisa da ita. Ni kuma da na yi mata gyara a gefe sai na zama mai neman ta da magana.

Malamin makaranta: Hajiya ta faɗi gaskiya. Fuskar dariya tana taimakon wasa mara nauyi, irin tsokanar Bakatsine da Banufe a kan abinci. Amma in maganar ta taɓa bashi, haihuwa, asali ko aure, sai ta ƙara zafi, ta koma kamar kana yi masu dariya. Tambaya ɗaya zan yi maka, don ka tsallake ta: akwai bashin da gaske?

Mai tambaya: Na ba shi aron dubu 150, amma wallahi ba shi nake nufi ba. Kuma shi angon bai ce ya ji haushi ba. Ya sha yi mani wanda ya fi wannan.

Malamin makaranta: To ai nan gizo ke saƙar. Wasan da gaskiya ke ƙarƙashinsa sunansa habaici, ko ba ka nufa ba. Shi ya san da kuɗin, gwaggo ma ƙila ta sani, shi ya sa ta kira mamarka ba kai ba. Gogewar kuma ba ta gyara komai ba. "Delete for everyone" yana barin shaidar cewa an goge saƙo, wanda bai gani ba sai ya tambaya, wanda ya gani ƙila ya riga ya ɗauki hotonsa. Ka fara kiran angon, ba rubutu ba. In ya yarda, ka tura saƙon murya gajere a zauren: ka yi sallama, ka ce kai taubashinsa ne, wasa ne irin na gado, a yi haƙuri. Kada ka ambaci kuɗi, kada ka ƙara wani wasan a ciki. Gwaggo kuwa da ƙafa za ka je mata.

Wani daga Ƙofar Ƙaura: Malam, ban yarda da saƙon muryar ba. Tada maganar zai yi, waɗanda suka manta su tuna. Ango ya je ya yi wa kawun bayani shi kaɗai, shi ke nan.

Ɗan kasuwa: Ni dai shawarata ka rubuta yarjejeniya a kan kuɗinka da shaidu biyu. Haka na yi sakaci da wani ɗan'uwa, yau shekara ta zagayo.

'Yar Daura: Alhaji, ba maganar karɓar bashi ake ba.

Mai tambaya: Na gode, amma ni har yanzu ban ga abin zuwa ban haƙuri wurin gwaggo ba. Ita ce fa ta koya mana wasan. Kuma wa ya sa baƙi a zauren ba a sanar ba? Na kira shi bai ɗauka ba, na ga kuma yana kan layi.

Hajiya mai atamfa: Yaushe ne ɗaurin auren?

Mai tambaya: Asabar mai zuwa, Hajiya. Kuma ni ne babban abokin ango.