Wayar Maman Hafsat ta ƙi buɗe shafin makaranta

Malam Bello Mabera: Assalamu alaikum. Don Allah ku duba mani hotonga. Wayar Maman Hafsat ta, tun jiya muna son mu biya kuɗin rajistar yarinya, shafin makarantar ya ƙi buɗewa, sai wanga jan rubutu. Data akwai. WhatsApp ɗinta ma ya tsaya, ta Xender na ɗauko hoton zuwa wayata.

```
Your connection is not private
```

Nasiru Caji: Wa'alaikumus salam Malam. Sabis na. Tun safe shina wasa da mutane nan Gawon Nama. A sa Airplane mode a cire.

Malam Bello Mabera: Mun yi, har sim munka cire munka mayar.

Hajiya Kulu: Innalillahi, “not private” fa. Ko dai an shiga wayar ne? Malam ku kwashe kuɗin da ke banki tukuna.

Injiniya Sanusi: Hajiya a kwantar da hankali, wannan rubutun ba ya nufin wani ya shiga waya. Chrome ne ya ƙi yarda da takardar shaidar shafin. Malam, hoton an yanke ƙasansa, kuma abin da nake nema can yake. Akwai wani ɗan layi mai manyan baƙaƙe da ya fara da NET. A sake ɗauko fuskar wayar gaba ɗaya.

Alhaji Mu'azu Arkilla: Kafin Injiniya ya gama, Malam Bello ina roƙonka kada ka kai ta wurin masu gyara a ce maka filashin. Bara irin wanga rubutu ya fito ga tawa. Na kai ta kasuwa wurin wani yaro, ko minti biyu bai yi da ita a hannu ba ya ce bairos ne, sai an wanke ta. Na tambaye shi hotuna fa, ya ce ba abin da zai taɓa su. Da na dawo bayan la'asar waya ta koma kamar yau aka sayo ta, hotunan aikin Hajjina da na auren ɗiyata duk sun tafi, lambobin da ba a sim suke ba su ma haka. Kuɗin aiki ya karɓa cif. Daga baya ɗan ƙanena da ya ga tsohon hoton rubutun ya ce mani abin da ke cikin saitin ne, ba ya buƙatar goge komai. Har gobe idan na tuna hotunan Arfa raina ɓaci yake.

Hajiya Kulu: Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Nasiru Caji: Ba duka masu gyara ad haka ba dai.

Alhaji Mu'azu Arkilla: Ban ce duka ba, Nasiru. Wanda ya yi mani na faɗa.

Malam Bello Mabera: Ga shi Injiniya.

```
NET::ERR_CERT_DATE_INVALID
```

Injiniya Sanusi: Yawwa. Maganar kwanan wata ce. Kowane shafi mai https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da yawansu kwana 90 kawai suke yi a sabunta. Chrome yana gwada waɗannan ranakun da kwanan watan da ke cikin wayarka. Idan bai faɗa tsakaninsu ba sai ya tare hanya. To ko dai takardar shafin ce ta ƙare da gaske, ko kuma wayar ce ke ba da kwanan watan da ba shi ba. Tunda WhatsApp ma ya tsaya, wayar na fi zargi.

Usman Illela: Sun je bakin iyaka kwanan nan? Mu nan waya takan kama sabis ɗin Konni, ƙila shi ya juya agogon.

Injiniya Sanusi: Waya takan kama na Nijar, gaskiya ne, amma lokacinmu da nasu ɗaya ne, GMT+1. Ko da ma an samu bambancin awa ɗaya, da wuya ya kawo wannan.

Malam Bello Mabera: Ba inda ta tafi. Kuma agogo daidai yake, 9:40 ga tata 9:40 ga tawa.

Injiniya Sanusi: Saman waya awa da minti kaɗai yake nunawa, Malam, ba ya nuna wata da shekara. Ka sa yatsa ka taɓa wannan layin na NET ɗin, wani rubutu zai buɗe a ƙasansa. Layi biyu nake so, Expires on da Current date.

Malam Bello Mabera:

```
Expires on: Jun 30, 2025
Current date: Sep 14, 2025
```

Ikon Allah. Satumba kuma? Yau ba 14 ga Afrilu ba?

Injiniya Sanusi: Shi ke nan an kama shi. Wayar ta yi gaba da wata biyar, shi ya sa take ganin takardar da ke da sauran wata biyu da rabi kamar ta mutu tun tuni. Ku shiga Settings, ku rubuta date a wurin bincike na sama, ya fi sauƙi, don Tecno da Samsung ba wuri ɗaya suka ajiye shi ba. Ku buɗe Date & time. Za ku ga Set time automatically, a wasu wayoyin Automatic date and time ko Use network-provided time. Ku kunna shi, ku kunna na time zone ma. Idan bayan minti ɗaya bai gyaru ba, ku kashe wayar ku kunna da sim a ciki. In ya ƙi, sai a kashe otomatik ɗin a sa rana da wata da shekara da hannu, yankin lokaci a zaɓi Lagos. Daga nan a rufe Chrome a sake buɗewa.

Nasiru Caji: Ni dai in ta yi mani haka Advanced nika dannawa in ce Proceed, ta wuce.

Injiniya Sanusi: A shafin da za a sa lambar kati? A'a Nasiru. Wannan tsallake gargaɗin ne, matsalar tana nan, kuma ranar da gargaɗin ya zama na gaske haka hannunka zai danna.

Malama Asma'u: Nima tawa tana yin haka Injiniya, lambar iri ɗaya, amma shafi ɗaya ne tak. Sauran duk suna buɗewa, kwanan watana kuma daidai.

Injiniya Sanusi: Taki daban ce Malama. Taɓa layin ki duba. Idan Current date ya nuna yau, Expires on kuma ranar da ta riga ta wuce, masu shafin ne ba su sabunta ba. Babu saitin da za ki taɓa ya gyaru, sai dai a sanar da su, kuma kada ki biya komai a ciki kafin nan.

Malam Bello Mabera: Alhamdulillah ya buɗe, WhatsApp ma saƙonni sai shigowa suke. Otomatik ɗin a kashe munka iske shi. Allah ya saka da alheri. To amma wa ya kashe shi?

Nasiru Caji: Batir na. In waya ta mutu murus ta kwana, agogo rikicewa yakan yi.

Injiniya Sanusi: Yakan faru, amma baya yake komawa, kuma mutuwar batir ba ta kashe otomatik. Nan ranar 14 ce daidai, minti daidai, wata kawai aka tura gaba. Hannu ne. Yara sukan yi haka don gem ya ba su kyautar da sai an jira.

Malam Bello Mabera: Abba ya rantse bai taɓa ba.

Usman Illela: Abban da na gani da wayar ranar suna har caji ya ƙare? Taubashina ka faɗi gaskiya, ko kai ne kake son albashin Satumba ya zo da wuri 😂

Hajiya Kulu: Ku bar yaro. Ni dai har yanzu a canza lambar sirrin banki, ba a san wa ya riƙe wayar ba.

Nasiru Caji: Ni ban yarda ba batir ba ne. Malam ka bar ta ta mutu yau da dare mu gani da safe.

Malama Asma'u: Na duba, Expires on ɗin 11 ga Afrilu ne. Wa ke da lambar wani a ofishin nasu?