Ina neman shawara kan rubutun shirin marinan Zariya

Salamu alaikum. Ina tsara shirin gaskiya na minti 15 kan marinan Zariya, amma ban ɗauki hira ko ɗaya ba tukuna. Na bar gurabe a rubutun, kamar "dattijo ya bayyana yadda ake haɗa baba da toka, daƙiƙa 40". Inda na maƙale shi ne muryar mai ba da labari: in na rubuta ta yanzu, sai tambayoyina su koma neman abin da na riga na rubuta. Misali, tambaya irin "Sana'ar tana mutuwa, ko?" amsarta "e" ce kawai, ba ta da amfani wajen tace shirin. Shin gurbi zai ɗauki batu ne kawai, ko har amsar da nake tsammani? Don Allah, masana, yaya kuke yi?