Kari na 6/8 yana rikiɗe mini zuwa 3/4 a shifta

Salamu alaikum. Ina Omdurman, ina shirin jarrabawar shiga kwalejin kiɗa a Khartoum, shiftar sauti ta tsaya mini a wuya.

Idan aka kaɗa jimla a fiyano, amon ba ya wahalar da ni sosai, sai dai amon fa da na ti, domin kunnena ya saba da sikeli mai amo 5 na waƙoƙinmu. Kari ne bala'in. A 6/8 nakan ji bugu uku maimakon biyu, sai layukan gaɓa su zame tun daga gaɓa ta biyu. Na gwada tafi da metronom a kan 60, ina ƙirga shida da baki. Da tafi daidai nake, amma da na ɗauki fensir ƙirgar ta watse.

A saurare na farko, karin zalla zan fara rubutawa ko amon?