Yadda baiti zai tsaya daidai a fuskar waya

A zaman marubuta waƙa da aka yi a Katsina, an fi daɗewa kan ɗangon da ke karyewa biyu idan aka ɗora shi a Facebook. Dalilin shi ne faɗin waya: da zarar layi ya cika, sai ragowar ta gangaro ƙasa, amsa-amo ya ɓace a tsakiya.

Shawarar da aka fi yarda da ita ita ce kada ɗango ya wuce haruffa 30, har da tazarar kalmomi, domin dattawa da yawa suna ƙara girman rubutu. Wata malama ta kawo misali da “Damina ta sauka a Daura, manoma sun fita gona da sassafe”. Ta ce a raba shi a wurin waƙafi, inda mai rerawa ke numfasawa, sannan a mayar da “da sassafe” layi na uku.

Tazarar farkon layi kuwa, a haƙura da ita, manhajoji kan share ta. Layi ɗaya fanko ya isa tsakanin baitoci. Ni dai na fi gamsuwa da gwajin da wani ya kawo: a fara ɗorawa a “Only me”, a duba, sannan a buɗe wa jama'a.