Ruwan rijiyarmu ya gurɓace bayan ruwan sama, me zan sa masa?

Maman Hanif: Salamu alaikum ƴan uwa. Mu nan Agege tunda damina ta kankama ruwan rijiyar gidanmu ya koma jaja-jaja, ga gas ya yi tsada ba zan iya tafasa na mutum takwas kullum ba, kuma ina da jariri ɗan wata bakwai. Don Allah a ba ni shawara.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ki jefa alam kawai, kafin awa ɗaya ya kwanta garau. Mu a Mile 12 haka muke yi.

Anti Rabi: Alam ɗin yana da kyau Baban Khalifa, amma laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar kwalara ko taifot, ruwa zai yi fes alhali cutar na ciki. Ni tun kwalarar da aka yi a Legas a 2024 hankalina bai kwanta da ruwan rijiya ba, yawanci sokawe na kusa da ita. Maman Hanif ki fara barinsa ya kwanta a bokiti, ki tsiyaye na saman a hankali ta farin ƙyalle mai tsabta zuwa jarka, na gindin ki zubar. Sannan ki sa ƙwayar kulorin, Aquatabs mai 67mg guda ɗaya a lita 20, ki rufe ki jijjiga ki jira minti 30 cif. Ki duba takardar, ƙwayoyin girma-girma ne, kuma jarkar ƴan garuwa lita 25 ce, kar ki cika ta.

Maman Hanif: To Anti in na sa ƙwayar kai tsaye fa ba tacewa?

Anti Rabi: Dattin ne zai cinye kulorin ɗin kafin ya yi aikinsa. In bayan tacewa har yanzu da duhu-duhu sai ki sa biyu. Bayan minti 30 ki shinshina, ya kamata ki ji ɗan warin kulorin, in babu ko kaɗan to bai isa ba. Na jariri kuwa tafasawa za ki yi, ai ɗan kaɗan ne, ya tafasa sosai yana ɓulɓula minti ɗaya, ya huce a tukunyar a rufe.

Ɗan Obalende: Ni namu gishiri-gishiri nake ji, kulorin zai gyara?

Anti Rabi: A'a, tafasawa ma ƙara masa gishirin za ta yi. Mai gishiri ko warin fetur sai dai a canza wurin ɗiba.

Hajiya Ladi: Ku dai ku kula da moɗa. Na ga gidan da ake tafasawa kullum amma yara na tsoma hannu da kofi a randa, gudawa ba ta bar su ba. Ni dai mijina ya ƙi mai kulorin, wai warin asibiti.

Baban Khalifa: Wallahi nima warin ne matsalata Hajiya, ƴaƴan zogale fa, wa ya gwada?